Minti Ɗayan da Metiron Ta Roƙa

Na halarci bukukuwan yaye ɗaliban jinya da dama, na farko a matsayin wadda ake yayewa, sauran kuma a matsayin malama ko 'yar'uwar mai biki. Yawancin jawaban da ake yi a irin wannan rana mutum kan manta da su kafin ya kai bakin ƙofa. Akwai guda ɗaya da ya zauna mini, shi nake so in ba ku labarinsa, domin ban taɓa ganin an koyar da aikin jinya a gaban taro da gwaninta irin ta ranar ba.

'Yar yayata ce ke cikin waɗanda aka yaye. Zauren ya cika maƙil, fankoki na juyawa amma zafi bai saurara ba, iyaye mata na fifita da takardar tsarin biki. An yi addu'a, shugaban makaranta ya yi bayani, wakilin ma'aikatar lafiya ya yi nasa, an raba kyaututtuka. Sai can wajen ƙarshe aka kira babbar metiron ta asibitin da ɗaliban suka yi koyon aiki, aka ce an ba ta minti goma. Dattijuwa ce gajeruwa, saura 'yan watanni ta cika shekara 35 a bakin aiki ta yi ritaya. Ba ta riƙo takarda ba. Da ta gama gaisuwa, sai ta kai hannu ƙirjinta ta ɗago ƙaramin agogon nan da nas-nas ke maƙalawa a riga, wanda fuskarsa ke kife domin mai shi ta iya dubawa ba tare da ta saki hannun mara lafiya ba.

Ta ce: "'Ya'yana, cikin minti goman da aka ba ni, ina roƙon ku ba ni ɗaya. Kowacce ta dubi ta kusa da ita, kowane ya dubi na kusa da shi. Ku ƙirga mini numfashinsa har sai na ce ya isa. Iyaye, ku ma ku taya mu da yin shiru."

Wanda bai taɓa zama shiru na minti ɗaya cur a cikin taro ba, bai san tsawon minti ba. Kafin a kai rabi an fara motsi a kujeru. Wani jariri ya yi kuka a baya. Ita kuwa idonta na kan agogo, ba ta ɗago ba sai da tsinken sakan ya zagayo inda ya tashi. Sannan ta shiga nuna ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da suka samu. Wata ta ce 14, wata 17, wani ya ce 23. Sai ta tambayi waɗanda aka ƙirga nasu ko haka suka saba numfashi. Aka yi dariya, domin kowa ya san ya yi ta gyara numfashinsa tun da ya ga an zuba masa ido.

Nan ta kafa darasinta na farko, kuma duk wanda ya yi aikin ɗakin marasa lafiya ya san gaskiyarsa. Bugun zuciya da zafin jiki da hawan jini ba sa canzawa da gangan don an kalle su, amma numfashi yana ƙarƙashin ikon mai shi. Da zarar ka ce wa mutum za ka ƙirga numfashinsa, ka ɓata awon. Shi ya sa ƙwararriyar nas ba ta sanarwa. Takan kama wuyan hannun mara lafiya ta ɗauki bugun jininsa, idan ta gama ba ta sakin hannun, sai ta ci gaba da riƙewa kamar ba ta gama ba, alhali idonta ya koma kan ƙirji ko ciki. Ɗagawa da sauka su ne numfashi ɗaya. Idan motsin ba ya fitowa sosai, sai ta ɗora hannun mara lafiyan a kan ƙirjinsa tana riƙe da shi, ta ji motsin a nata hannun. Babban mutum da ke kwance yana hutawa yakan yi tsakanin 12 zuwa 20 a minti. Na yara ya fi haka sauri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar da ake cewa ya yi yawa: 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Da wannan ƙirgen kaɗai ake kama ciwon sanyin haƙarƙari a ƙananan asibitocin da ba su da na'urar hoto.

Sai ta faɗi abin da ya sa malaman da ke zaune a sahun gaba suka sunkuyar da kai. Ta ce a ɗauko mata takardar awon kowane mara lafiya, daga layin numfashi kawai za ta gane ko an ƙirga ko an yi ƙiyasi. Idan ta ga 20, 20, 20 sun jeru tun safe har dare, ta san babu wanda ya tsaya. Idan kuma ta ga 16, 20, 24 ne kawai ke yawo, ta san an ƙirga na sakan 15 ne aka ninka sau huɗu, domin duk lambobin nan huɗu na raba su. Matsalar wannan gajeriyar hanya ita ce kuskuren numfashi ɗaya tak yakan zama kuskuren huɗu a takarda, kuma numfashin da ke tsayawa yana dawowa ba ya nuna kansa cikin sakan 15. Takardar da aka yi wa aiki da gaske za ka ga 17 a cikinta, ka ga 19, ka ga 21. Ta ce an san ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan wuri ba a yarda da kimar ido ba, agogo ake so.

Abin da ya sa ta nace a kan numfashi shi ne sau da yawa shi ke fara ba da labari kafin sauran. Jiki na iya riƙe awon jini daidai na tsawon lokaci ko da jini na zuba ko ƙwayar cuta ta shiga jini, musamman a jikin matashiya, amma numfashi kan canza da wuri. Kuma a mafi yawan ɗakunan kwanciyarmu, shi ne awon da babu na'urar da za ta yi maka. Zafin jiki akwai ma'auninsa, hawan jini akwai injinsa, ɗan maƙalen yatsa na ba da bugun zuciya da yawan iskar oksijin. Numfashi kuwa sai mutum ya tsaya da ƙafafunsa.

A irin wannan biki ba a rasa ambaton Florence Nightingale, kuma daga baya a ranar an kunna fitilu an yi rantsuwar da ake kira da sunanta. Ɗalibai da yawa na zaton ita ta rubuta rantsuwar, alhali wata malamar jinya ce mai suna Lystra Gretter ta jagoranci tsara ta a birnin Detroit na Amurka a 1893. Metiron ba ta daɗe a kan tarihi ba. Ta ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda a tantinta da ke masallacin Madina aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, ta kuma tuna musu cewa a littafin da Nightingale ta fitar a 1859 akwai babi guda sukutum a kan lura da mara lafiya. Jimla uku ta yi a nan ta wuce. A ganina daidai ta yi, domin tarihin yana cikin littattafansu, abin da ta zo da shi kuwa ba ya ciki.

Abin da ta zo da shi labarin wani dare ne a ɗakin masu jego. An kawo wata yarinya daga ƙauye, cikin fari, tana jijjiga, ta tattaune harshenta a hanya. Wannan ciwo, wanda wasu ke kira taune-taune, yana biyo bayan hawan jinin masu ciki, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya. Ƙarfe shida na yamma aka fara mata maganin da ake kira magniziyam salfet, wajen ƙarfe takwas ta haihu, jijjigar ta tsaya, hankalin kowa ya kwanta.

Bari in dakata in yi bayanin maganin, domin in ba a san shi ba ba za a ga gwanintar da ke cikin labarin ba. A da, dayazifam ake ba mai jijjiga, ya kwantar da ita ta yi ta barci. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 1995 ya tabbatar da cewa magniziyam salfet ya fi shi hana dawowar jijjiga nesa ba kusa ba, wani kuma a 2002, wanda ya ƙunshi mata fiye da dubu goma a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin fara jijjigar da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. A jihar Kano, a 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma tare da horar da ma'aikata, kuma mace-macen masu wannan ciwo a waɗannan asibitoci ya faɗo daga kusan 21 cikin ɗari zuwa biyu da 'yan kai. Magani ne mai araha da ya ceci rayuka masu yawa.

Yadda aka fi ba da shi a asibitocinmu shi ne tsarin da ake danganta wa likita Pritchard. Da farko giram 4 ta jijiya a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, jimla giram 14. Daga nan sai giram 5 duk bayan awa huɗu, ana sauya ɗuwawu, har a cika awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe, duk wanda ya zo daga baya. Allura ce mai zafi, mililita 10 ce a cikin tsoka, shi ya sa ake haɗa ta da ɗan maganin kashe zafi na lignoken. To amma maganin yana da sharaɗi. Ta ƙoda kaɗai yake fita daga jiki, ciwon da ake ba da shi dominsa kuwa yana taɓa ƙoda. Idan ƙoda ta ja baya, maganin sai ya taru a jini, ya riƙa toshe saƙon da jijiyoyi ke aika wa tsoka. Abin da ke fara ɓacewa shi ne zaburar da ƙafa ke yi idan an buga ƙasan ƙoƙon gwiwa. Idan ya ƙara taruwa sai tsokar numfashi ta yi sanyi, idan ya wuce nan sai zuciya. Wannan jerin rahama ce, domin yana ba da gargaɗi tun kafin a kai ga ɓarna. Saboda haka kafin kowace allura ta bayan awa huɗu, dole nas ta duba abu uku: numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa na zabura, fitsari kuma ya kai aƙalla mililita 30 a kowace awa cikin awa huɗun da suka wuce. Ɗaya ya gaza, a dakata.

To an yi allurar ƙarfe goma na dare. Ta ƙarfe biyu ta faɗo a hannun wata sabuwar nas, wata uku kacal da fitowarta daga makaranta. A takarda an rubuta numfashi 20 da ƙarfe shida, 20 da ƙarfe goma. Yarinyar da ke kwance kuwa luf take, kamar mai barcin gajiyar haihuwa, mahaifiyarta na gyangyaɗi a ƙasa kusa da gado. Nas ɗin ta zuƙo magani a sirinji, ta ajiye a faranti, ta kama hannunta ta ƙirga, ta samu 14. Ta sake minti guda, ta samu 13. Ta sa hannu ƙarƙashin gwiwar ta ɗan ɗaga ta yadda ƙafar za ta saki, ta buga jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon, ƙafa ba ta motsa ba. Ta gwada ɗayar, haka. Sai ta durƙusa ta haska jakar fitsari da tocila. Mililita 70 ne tun ƙarfe goma, inda ya kamata a samu 120 ko fiye. Kafin ta yarda da wannan adadi sai da ta bi robar fitsarin da hannu tun daga sama har ƙasa, don ta tabbata ba lanƙwashewa ta yi ba ko mara lafiyar ta danne ta, ta kuma taɓa marar ta ji ko mafitsara a cike take. Babu ko ɗaya.

A nan muryar metiron ta sauya. Ta ce a daren ita ce mai kula da duk ɗakunan, ta kwana tana zirga-zirga, ta samu ta zauna ke nan sai ga sabuwar nas ɗin a ƙofa tana cewa ba ta yi allurar gado na huɗu ba. Ta ce, a gaban iyaye da manyan baƙi, amsar da ta ba ta ita ce likita ya rubuta, ta je ta yi abin da aka rubuta. Sabuwar nas ɗin ba ta tafi ba. Ta ce: "Metiron, ki yi haƙuri. Numfashinta 13, na ƙirga sau biyu. Gwiwa ba ta amsawa, dama da hagu. Fitsari 70 cikin awa huɗu, roba kuma ba ta toshe ba. Don Allah ki zo ki ƙirga da kanki."

Metiron ta tashi ta je, ta ƙirga, ta samu 12. Aka aika a taso likita, aka juya yarinyar ta kwanta a gefenta, aka sa mata oksijin, aka ajiye jakar hura iska a kan gado. Kafin likita ya iso numfashi ya sauko 10. Aka ba ta makarin maganin, wato kalsiyam gulukonet giram ɗaya, mililita 10, ta jijiya a hankali. Nas ɗin ta jawo kujera ta zauna a bakin gadon tana ƙirgawa duk bayan minti goma sha biyar tana rubutawa. Da kiran sallar asuba numfashi ya koma 16. Da hantsi gwiwa ta fara amsawa, fitsari ya ƙaru a hankali, bayan 'yan kwanaki aka sallami yarinyar da jaririnta. Metiron ta ce da an ƙara giram 5 ɗin nan a kan wanda ya riga ya taru, da safe cewa za a yi jijjiga ce ta kashe ta, kuma babu wanda zai musa, domin takarda ta nuna 20.

Zauren ya yi tsit fiye da shirun minti ɗayan farko. Ni abin da ya fi burge ni shi ne inda ta ajiye kanta a cikin labarin. Babba a aikin nan ba ya rasa daren da ya yi bajinta, kuma da ta ga dama da ta zaɓi ɗaya daga ciki aka tafa mata. Sai ta zaɓi daren da ita ce ta yi kuskure, ƙaramar ma'aikaciya ta yi daidai. Waɗanda ke sauraronta gobe su ne ƙananan ma'aikata, kuma abin da zai fi yi musu wuya shi ne tsayawa a gaban na sama da su su ce a dakata. Mun tashi cikin tarbiyyar da ba a musu da babba, tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin marasa lafiya tana iya jawo asarar rai idan ba a koya wa yaro yadda zai haɗa ladabi da gaskiya ba. Metiron ta ba su izini da bakinta, a gaban iyayensu, kuma ta nuna musu yadda ake yi.

Ta ma tsaya ta warware musu maganar sabuwar nas ɗin dalla-dalla. Ta fara da ban haƙuri, ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ce jikin mara lafiya bai yi mata daɗi ba ko hankalinta bai kwanta ba, domin irin wannan magana gajiyayyen babba na iya ture ta da hannu ɗaya. Alamu ta kawo guda uku, ta faɗi cewa ta maimaita awon, ta kuma toshe tambayar da ta san za a yi mata game da roba tun kafin a yi. Sannan ta rufe da buƙata ƙwaya ɗaya wadda babu mai hankalin da zai ƙi: zo ki duba. Duk maganar ba ta kai sakan ashirin ba. Metiron ta ce haka ake kiran likita a waya da tsakar dare, haka kuma ake miƙa aiki da safe: wane ne mara lafiyan, me ya kawo shi, me ka gani da idonka, me kake so a yi.

Wani abin da ya nuna mini cewa gwana ce ke magana shi ne ba ta bar labarin ya tsorata su ba. Ta san illar da labari mai ƙarfi ke yi wa sabon hannu. Akwai ƙananan asibitocin da maganin nan ke ajiye a kabad, ma'aikaci na tsoron taɓa shi, sai ya tura mai jijjiga tafiyar awa biyu a mota ba tare da an yi mata komai ba. Ta ce musu taruwar maganin har ya taɓa numfashi abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, jijjigar da ba a yi wa magani ba ita ce mai kisa kullum. Allurar farko ba a jinkirta ta, a yi ta sannan a tura mara lafiya gaba da takardar da ke nuna abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta. Dakatar da allura ta gaba kuma ba sallama ba ce: ana ci gaba da dubawa awa-awa, idan alamun sun dawo daidai likita ya yanke ko a ci gaba, domin jijjiga na iya dawowa. Ta ja kunnensu kada ganin ƙarancin fitsari ya sa su buɗe ƙarin ruwa ya yi ta kwarara, saboda mai wannan ciwo ruwa na saurin taruwa a huhunta. Ta kuma tuna musu cewa ba magniziyam kaɗai ke rage numfashi ba, wadda aka yi wa dayazifam a wani wuri kafin a kawo ta, ko allurar kashe zafi mai ƙarfi, ita ma nata zai yi ƙasa, don haka a tambayi 'yan'uwa abin da aka ba ta a hanya. Idan kuwa numfashin sama ya yi, ya haura 24 yana ƙaruwa, to wani labarin ne daban, a nemi zubar jini, ko ruwa a huhu, ko ƙwayar cuta a jini.

Duk wannan cikin minti goma sha biyu ko sha uku, ta ɗan zarce lokacinta, babu kuma wanda ya dubi agogo sai ita. Da na zauna daga baya ina juya jawabin a raina, sai na lura cewa ta gina shi ne daidai da yadda ake miƙa aiki a bakin gado. Ba ta ɗebo nasihohi ashirin ta watsa musu ba. Mara lafiya ɗaya ta ɗauka, da dare ɗaya, da awo ɗaya, ta sa su yi abin da jikinsu kafin ta yi bayaninsa, ta faɗi adadi a inda adadi ke da amfani, ta faɗi inda ƙa'idar ke iya yaudarar mutum. Gaskiya, riƙon amana, haƙuri, tausayi, duk kalmomin da aka saba ji a irin wannan rana, ba ta jera su ba, amma wanda ya rubuta 17 a inda 20 ta fi sauƙin rubutawa, da ƙarfe biyun dare ba mai ganinsa sai Allah, ai ya aikata su. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, kuma ranar na ga dalili.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin da jawabin ba zai iya gyarawa ba, ita ma ta sani. Nas ɗaya a kan gado talatin da dare, idan za ta ba kowane mara lafiya minti ɗaya na numfashi kawai, rabin awa ya tafi kafin ta taɓa allura ko ta juya wanda ba ya iya juyawa. Yawancin 20 ɗin da ke jere a takardun nan ƙarancin hannu ne ya haife su, ba mugunta ba, ga kuma ƙwararru na ta barin ƙasa. Abin da ta ce a nan gajere ne. Idan ba za ka iya ƙirga na kowa ba, ka san waɗanda ba a tsallakewa: mai karɓar magniziyam, wadda ta haihu ko aka yi wa tiyata a ranar, yaro mai tari da zazzaɓi, da duk wanda 'yan'uwansa suka ce ya canza musu. Wanda kuma ba ka ƙirga ba, ka bar gurbin a buɗe. Gurbin da babu komai yana gaya wa mai karɓar aiki ya je ya duba, lambar ƙarya kuwa tana gaya masa ya wuce.

Da za ta sauka, ta cire agogon daga rigarta ta ba ɗalibar da ta ce 17, ta ce ita aikinta da shi ya kusa ƙarewa. Bayan haka aka kunna fitilu aka yi rantsuwa. A waje, ana ɗaukar hotuna, na ga 'yar yayata riƙe da hannun kakarta tana yi mata hira, idonta kuwa na kan ƙirjin tsohuwar.

Ina da roƙo biyu ga mai karatu. Idan kana da ɗa ko 'ya ko ƙanwa da za a yaye a wannan aiki, cikin kyautar da za ka yi ka haɗa da agogo mai tsinken sakan, kuɗinsa bai kai na atamfa ba. Idan kuma Allah ya kai ka jinyar wani a asibiti, ka ga nas ta riƙe hannunsa ta yi shiru tana kallon ƙirjinsa, kada ka yi mata magana, kada ka sa shi magana. Ka bari ta cika mintinta, in ta ɗago sai ka tambaye ta nawa ta samu.